Bip ɗin da ya zo daga ƙasar da ba ka san kowa ba: kada ka mayar da kira

Yau maganar waya ce, kuma za mu faɗe ta kai tsaye: idan wayarka ta yi ƙara sau ɗaya ta katse, ka duba ka ga doguwar lamba mai alamar + ta wata ƙasa da ba ka da ɗan uwa ko abokin ciniki a cikinta, to mafi yawan lokaci ba mutum ne ya neme ka ba. Inji ne. Abin da injin ke jira guda ɗaya ne, ka danna ka mayar da kira. Kiran da ya shigo bai ci maka ko dala ba. Wanda za ka mayar, shi ne satar.

Mun san dalilin da ya sa wannan tarko ke kama mu da sauƙi. A nan ƙasar bip magana ce. Yaro ya yi wa babansa bip, ma'ana “kira ni, ba ni da kiredi”. Ɗan kabu-kabu ya yi bip, ma'ana “ga ni ƙofar gida”. Wanda ya tafi ƙauye ya yi bip, ma'ana “na sauka lafiya”. Mai hali shi ke mayar da kira, wanda ya ƙi mayarwa kuwa a ce ya yi girman kai. Ban da wannan, da wuya ka samu gida a Maraɗi, Damagaram ko Tahoua da ba shi da wani a waje: wannan yana Libiya, wancan yana Aljeriya, wani yana Abijan, wata tana Saudiyya. Saboda haka lambar waje ba baƙuwa ba ce a wurinmu, abin jira ce. Ƴan damfara ba su san sunan kowa a cikinmu ba, amma sun san akwai mutane masu zumunci da masu jiran labari, kuma da wannan halin namu na kirki suke cin abinci.

Wannan zamba tana da suna a duniyar sadarwa, ana ce mata wangiri. Kalmar Japananci ce, ma'anarta ƙara ɗaya a katse, don a Japan aka fara saninta a farkon shekarun 2000. Ke nan ba sabon abu ba ne, kuma ba mu kaɗai ake yi wa ba.

Ina kuɗin ke tafiya?

Mutane da yawa suna tambaya: to shi wanda ya yi bip ɗin, ta yaya kuɗin kiredina zai shiga aljihunsa, tunda kamfanin wayata ne ya cire? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta ita ce dukan sirrin.

Kiran waje kamar kaya ne da aka ɗora a tasha zuwa gari mai nisa. Ba mota ɗaya ke kai shi ba. Kamfanin layinka yana karɓar kuɗin minti a hannunka, sai ya miƙa kiran ga wani babban kamfani mai jigilar kira tsakanin ƙasashe, ya biya shi. Wannan ma yana iya miƙa wa wani, har kiran ya isa hannun wanda ke riƙe da lambar a can ƙarshe. Kowa a kan hanya yana cire nasa, na ƙarshe kuma yana karɓar abin da ake kira kuɗin sauke kira. Wannan kuɗin ba ɗaya ba ne ko'ina. Sauke kira a wasu ƙananan tsibirai na tsakiyar teku, ko a kan wayoyin tauraron ɗan adam, yana da tsada ƙwarai fiye da sauke shi a Faransa ko Najeriya.

A nan macuta suka ga kasuwa. Akwai dillalai da ke ba da hayar lambobi na irin waɗannan wurare masu tsada, da sharaɗin duk mintin da aka kira lambar, za a raba kuɗin saukewar da wanda ya yi hayarta. Wanda ya karɓi lambar ba abin da ya rage masa sai ya samu masu kiran ta. Sai ya ɗora inji ya riƙa bin lambobin wata ƙasa a jere, dubu bayan dubu, yana ƙara ɗaya yana katsewa. Yana katsewa da wuri ne don kada ka ɗauka, saboda kiran da ba a ɗauka ba kusan kyauta ne a wurinsa. Shi ya sa kuma ake yawan yin sa da tsakar dare ko da asuba, lokacin da kake barci: ka tashi ka tarar da kira biyu ko uku, gabanka ya faɗi, ka ce lafiya kuwa?

Idan ka mayar, aikinsu na biyu shi ne su riƙe ka a kan layi. Wani lokaci za ka ji kamar wayar tana ta ƙara ba a ɗauka ba, alhali an riga an ɗauka, ƙarar ce aka naɗa ake sa maka, kiredinka kuma yana zuba. Wani lokaci kiɗa ne da muryar da ke cewa ka dakata. Wani lokaci muryar mace ce tana “alo, alo” kamar rezo ne ba shi da kyau, ko wani yana sanar da kai ka ci kyauta. Alamar da ba ta ƙarya ita ce agogon kira: idan ka ga sakanni sun fara ƙirguwa a fuskar waya alhali kunnenka yana jin ƙara, an ɗauka ke nan, katse nan take.

Mu yi lissafi na misali don a ga dalilin da ya sa ba su gajiya. Mu ɗauka inji ya bi lambobi 100,000 a dare ɗaya. Mu ɗauka mutum ɗaya kawai cikin 100 ya mayar da kira, mutum 1,000 ke nan. Kowa ya yi minti 2 kafin ya gane, minti 2,000. In rabon ɓarawon dala 20 ne a minti, wato sefa 100, ya tashi da jikka 200 yana kwance a ɗakinsa. Kai kuma da ka yi kiran, abin da aka cire maka ya fi rabonsa nesa ba kusa ba, don kai ka biya kuɗin dukan masu hannu a kan hanya. Kowane mutum ɗaya ya yi asarar abin da bai kai ya je komisariya a kansa ba, shi ya sa ba mai kai ƙara, shi ya sa sana'ar ke ci gaba. Amma ga matar da ta sa kiredin dala 100 don ta ji muryar ɗanta, dala 100 ɗin nan ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Masu tura jita-jita suna taya ɓarawo aiki

Akwai waɗanda muke son mu yi wa magana a nan, su ne masu tura saƙo a gurup-gurup na WhatsApp ba tare da sun karanta ba. Kusan kowa ya taɓa samun irin saƙon nan: wai in ka ɗauki kiran wata lamba za a kwashe sunayen da ke wayarka cikin sakanni, a shiga asusunka na banki, ko a kwafi layinka. Wasu ma sun wuce nan, suna cewa akwai lambar da in ka ɗauka jini zai fito maka ta hanci ka mutu. Wannan tatsuniya ta lambar kisa ta zagaya Najeriya a 2011 har sai da hukumar sadarwar ƙasar, NCC, ta fito ta ƙaryata, amma har yau tana dawowa da sabbin lambobi.

Ɗaukar kira ko mayar da shi ba ya kisa, kuma muryar da ke wancan ɓangaren ba ta da hannun da za ta shiga cikin wayarka ta kwashi sunaye ko ta buɗe asusunka. Abin da ake iya kwashe maka shi ne kiredi in ka kira, da kuma abin da ka faɗa da bakinka in sun yaudare ka: lambar sirri, ko lambobin nan da ake turo maka ta saƙo.

Wani zai ce ai tsoratarwar ma tana da amfani, tunda tana hana mutane kira. Ba mu yarda ba. Wanda aka ce masa lamba tana kisa, ya ga maƙwabcinsa ya ɗauka bai mutu ba, daga ranar ya daina yarda da kowane gargaɗi, har na gaskiyar. Na biyu, saƙonnin nan suna ba da jerin lambobi biyar ko shida su ce su ne miyagu, sai mutum ya ɗauka duk wadda ba ta cikin jerin lafiya lau ce. Alhali ɓarawo yana sauya lamba kamar yadda ake sauya riga. Haddace lambobin jiya ba ya kare kowa. Abin da ke kare mutum shi ne ya iya karanta lamba da kansa.

Yadda ake karanta lamba

Abu na farko, duba farkonta. In ta fara da alamar + ko da 00, abin da ke biye lambar ƙasa ce. Alamar + da 00 abu ɗaya ne. Hukumar sadarwa ta duniya, wadda masu Faransanci ke kira UIT, ita ke raba waɗannan lambobi, kuma ba ta ba ƙasa lambar da ta wuce alƙaluma uku: wata ɗaya, wata biyu, wata uku. Tamu ta Nijar +227 ce, bayanta kuma alƙaluma 8 ne cif, ba ƙari ba ragi.

Wannan ƙirgen na 8 ɗin yana da muhimmanci, ga dalili. Lambobinmu na gida da yawa suna farawa da 88, 90, 94 ko 96. To akwai lambobin waje da suke farawa da irin waɗannan alƙaluma sak. +881 da +882 na wayoyin tauraron ɗan adam ne da wasu layukan ƙasa da ƙasa waɗanda ba na wata ƙasa guda ba, kuma suna cikin mafi tsada. +960 ta tsibiran Maldib ce a tekun Indiya, +90 Turkiyya, +94 Siri Lanka. Mutum ya tashi da magagin barci, ido ya faɗa kan 88 ko 96, bai lura da ƴar alamar + ba, sai ya ɗauka wani ne a Birnin Konni ko Tasawa. Ƙa'ida mai sauƙi: lambar gida ko dai alƙaluma 8 tsirara, ko +227 sannan 8. Duk abin da ya fi haka tsawo, daga waje yake.

Abu na biyu, alƙalami na farko bayan + yana nuna yankin duniya. Kusan duk wadda ta fara da 2 ta Afirka ce ko tsibiran da ke kewaye da ita. Masu farawa da 3 da 4 na Turai ne. Masu farawa da 5 Amurka ta Kudu da ta Tsakiya. Masu farawa da 6 kudu maso gabashin Asiya da tsibiran tekun Pasifik, kuma a nan ne za ka tarar da irin su +675 Papuwa Niyu Gini, +676 Tonga, +678 Banuwatu, +685 Samowa. Tambayi kanka da gaskiya: wa ka sani a Tonga?

Abu na uku, san lambobin ƙasashen da naka suke. Ba sai ka haddace na duniya duka ba. Ga waɗanda suka fi shafar gidajenmu: Najeriya +234, Benin +229, Burkina Faso +226, Mali +223, Kodibuwa +225, Togo +228, Gana +233, Cadi +235, Kamaru +237, Aljeriya +213, Libiya +218, Sudan +249, Saudiyya +966, Faransa +33. Wanda wayarsa ƙarama ce marar intanet, ya sa a rubuta masa na ƙasa biyu ko uku da ƴan uwansa suke a takarda, ya ajiye. Ya fi masa dukan saƙonnin gurup amfani.

A kula da masu kama da juna, don da su aka fi cin mutane. +247 ta bambanta da +227 da alƙalami ɗaya tak, amma ita ta tsibirin Asenshon ce a tsakiyar tekun Atilantika, inda mazauna ba su kai 1,000 ba. +232 Saliyo ce, ba Najeriya ba. +222 Moritaniya ce. +216 Tunisiya ce, ba Libiya ba. Haka +1: mutane na ganin ta su ce Amurka, alhali Kanada da ƙasashen Karebiyan da dama duk a ƙarƙashinta suke. Sai ka duba alƙaluma uku da ke biye: +1 876 Jamaika ce, +1 809 Jamhuriyar Dominika, +1 473 Giranada.

Mai babbar waya aikinsa ya fi sauƙi. Wayoyi da yawa suna rubuta sunan ƙasa a ƙarƙashin lambar cikin jerin kiran da suka shigo. In taka ba ta yi, buɗe Google ka rubuta indicatif sannan alƙaluman farko, kamar indicatif +678, amsa za ta fito nan take. Kana iya kwafar lambar duka ka nema, wani lokaci za ka tarar wasu sun riga sun yi kuka da ita. Sai dai a kwafe ta da hankali, don yatsa ɗaya ya zame ka kira abin da kake gudu.

Mu bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe

A ce wata uwa a Mirriya ɗanta yana aiki a Sabha ta Libiya, kwana 20 ba ta ji shi ba. Da safe ta tarar da kira biyu da ƙarfe 3 na dare, lambar ta fara da +216, bayanta alƙaluma 8. Zuciyarta ta ce shi ne. Ta kai wa jikanta wayar ya kira mata. Me ya kamata yaron ya yi?

Ya fara da lambar ƙasa. Libiya +218 ce, wannan kuwa +216, Tunisiya ke nan. Sannan ya ƙirga sauran. Lambar salula ta Libiya alƙaluma 9 ce bayan +218, kuma tana farawa da 9, kamar 91 ko 92. Wannan 8 ce. To ko ta wace fuska ba layin Libiya ba ne. Sai ya duba yanayin kiran: ƙara ɗaya-ɗaya, da tsakar dare, ba saƙo, ba a sake nema ba da gari ya waye. Alamu uku sun taru.

Amma kakar za ta ce, kuma tana da gaskiya: in ya tsallaka Tunisiya fa? In aron waya ya yi fa? Ana yi. Don haka yaron ba zai ce mata “ƙarya ne” ya wuce ba. Zai nemi amsar ta hanyar da ba ta biyan ɓarawo. Ya kira tsohuwar lambar ɗan da suka sani, ko ya bar masa saƙon murya a WhatsApp. Ya tuntuɓi wani ɗan garinsu da suke zaune tare a can, don masu tafiya bida ba sa rasa wanda ya san inda suke. Yana iya ajiye baƙuwar lambar a waya ya duba ko tana WhatsApp: lambobin haya na masu wangiri galibi ba mutum a bayansu, ba hoto ba suna. In ta bayyana, ya rubuta “wane ne?” ya jira, ba tare da ya faɗi sunan kowa ba. In kuwa wani ya amsa ya ce ɗan yana cikin matsala a turo kuɗi, to sai an ji muryar ɗan da kansa, an kuma tambaye shi abin da shi kaɗai ya sani. In lambar ta sake kira da rana ta daɗe tana ƙara, a ɗauka: wanda yake cikin ƙasa ba ya biyan kuɗin kiran da ya shigo masa. Duk wannan bai ci komai ba sai ƴan mega kaɗan, kuma uwar ta fi samun labarin ɗanta ta haka fiye da sauraren kiɗan inji.

Wannan ita ce amsarmu ga masu cewa “in gaggawa ce fa?”. Wanda ke cikin gaggawa ba ya ƙara ɗaya ya yi shiru har abada. Zai sake kira, zai bar ta ta yi ta ƙara, zai turo saƙo, zai nemi ƙaninka ko maƙwabcinka. Kuma ga wata dabara da ba ta cin ko sisi: duk mai tafiya, kafin ya bar gida a yi alkawari da shi. In ya sauya layi, ya fara turo saƙo da sunansa kafin ya yi bip.

Abin da lambar ƙasa ba ta faɗa

Kada kuma mu wuce gona da iri. Lambar ƙasa tana gaya maka kuɗin wace ƙasa za a cire maka in ka kira. Ba ta gaya maka inda ɓarawon yake zaune. Mai hayar lambar Tonga yana iya kasancewa a kowace nahiya, kuma akwai lokacin da kiran ma ba ya isa ƙasar: wani kamfanin jigila marar amana yana tare shi a hanya, ya sa maka naɗaɗɗiyar murya, ya riƙe kuɗin. A watan Mayu na 2019 hukumar sadarwar Amurka, FCC, ta gargaɗi mutanenta a kan irin wannan bip mai lamba +222. Wannan bai mayar da ƴan Moritaniya ɓarayi ba, lambarsu aka yi amfani da ita. Don haka zagin ƴan wata ƙasa a kan wannan magana rashin sani ne.

Haka kuma ba kowace lamba mai ban mamaki ce ta macuta ba. Masu bin hanyar sahara daga Agadas zuwa arewa, inda ba rezo, suna amfani da wayar Turaya, lambarta kuma tana farawa da +882 16. Wanda yake da direba ko ɗan uwa a wannan hanya, ya karɓi lambar tun kafin tafiya ya ajiye ta da suna, ya kuma san cewa kiran ta yana da tsada ko da mai ita na gaskiya ne.

Manhajojin tantance lamba irin su Truecaller suna taimakawa in mutane da yawa sun riga sun yi wa lamba alama, amma sabuwar lamba ba za ta nuna komai ba. Shirunsu ba shaidar gaskiya ba ne.

Akwai kuma kiran da ke shigowa ta cikin WhatsApp daga lambobin waje. Shi daban ne: in ka mayar ta WhatsApp ba a cire kuɗin minti, mega kawai. Tarkonsa yana cikin hirar da za ta biyo baya, wai aikin yi, wai kyauta, wai ka turo lambobi 6 da aka aiko maka. Wanda ya ba da lambobin nan ya ba da WhatsApp ɗinsa. Ana iya rufe bakin irin wannan kira a Paramètres, sannan Confidentialité, sannan Appels.

In an riga an kira, da abin da muke bin kamfanoni

Wanda ya riga ya mayar da kira, ya katse, ya duba kiredinsa, ya toshe lambar, kada ya sake kira don ya zage su, don zagin ma kuɗi ne a wurinsu. Ya rubuta lambar da rana da lokaci, ya sanar da kamfanin layinsa. Toshewa tana da iyaka, gobe da wata lambar za su zo, amma ƙarar da aka kai wa kamfani tana iya sa a rufe jerin lambobin gaba ɗaya.

Ga tsofaffi da yara waɗanda ba su da wanda suke kira a waje sai ta WhatsApp, ana iya rufe kiran waje a kan layin ɗungum. Tsarin GSM yana da lambobi na wannan aikin: na farko yana rufewa, na biyu yana buɗewa, na uku yana nuna halin da ake ciki.

```
*331*PIN#
#331*PIN#
*#331#
```

PIN a nan lambar sirri ce ta hana kira wadda kamfani ke bayarwa, ba wadda ake buɗe layi da ita ba, kuma ba kowane kamfani ke barin a yi da kai ba. In bai yi ba, a je ajans a nemi su rufe.

Daga nan maganarmu ta koma kan kamfanonin waya da hukumar ARCEP mai sa ido a kansu. Mai layi kira ɗaya yake gani. Kamfani kuwa yana ganin lamba guda ta bi layuka dubbai a jere cikin ɗan lokaci, kowanne ƙara ɗaya. Ba mutumin da ke kira haka, kuma akwai na'urorin da aikinsu ke nan, gane irin wannan su tare shi. Kamfanin da ke iya turo mana tallar forfe safe da yamma yana iya turo gargaɗi da Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Tamashek da Kanuri, kuma da murya, don ba kowa ke karatu ba. Yana iya sa murya ta faɗi kuɗin minti kafin kira mai tsada ya shiga, mutum ya zaɓa da saninsa. Yana iya buɗe gajeriyar lamba kyauta ta kai ƙara. Kada a manta, a cikin kowane minti da aka sace, kamfanin da kiran ya fita ta hannunsa ya karɓi kuɗin kira kamar kullum. Wanda kuɗin ke bi ta hannunsa bai kamata ya naɗe hannu ya ce laifin mai waya ne ba.

Kafin su motsa, namu aikin yana hannunmu. A fada, a kasuwa, a wurin mai sayar da kiredi, duk wanda aka miƙo masa waya aka ce “duba mini wa ya kira”, ya duba alamar +, ya karanta lambar ƙasa, ya ƙirga alƙaluma, sannan ya tambayi mai wayar ko yana da wani a can. In amsar babu ce, a bar ta. Mai neman ka da gaske zai sake kira.